Kuɗɗin da sunka koma hannun mai su, a sake ƙirga su

Baba Alhaji barka da war haka. Maigidanmu ya ɗauki sabbin yara ukku a shagon shadda, yac ce in rubuta musu takarda kan yadda za su tarbi kwastoma da ladabi da yadda za su riƙe kuɗɗi ba kuskure. Mi ya kamata in sa a ciki?

Ɗana, ni dai ba zan zauna ina koya maka yadda aka gaida mutane ba, yaron da yak kai shekara ashirin a Sakkwato bai san ya miƙe ya ce sannu da zuwa ba, bai san a karɓi kuɗɗi da hannun dama ba, wannan ba takarda ka gyara shi ba, a maishe shi gidan ubanshi. Layi guda ya isa: a aje waya, a cire abin kunnen nan, a kalli mutum. Yaran yanzu sai kwastoma ya yi sallama sau biyu suna can suna shafar waya, in sun ɗago ma kamar kai ka zo roƙo.

Abin da nika so ka sa a saman takardar da manyan baƙaƙe shi na wanga: duk kuɗɗin da anka ƙirga sannan sunka koma hannun kwastoma, ko na ƙiftawar ido na, a sake ƙirga su tun daga farko. Bari in hwaɗa maka inda nis samo shi, don har yau in na tuna raina na ɓaci.

Cikin azumi na, goman ƙarshe, tun kahin a canza launin kuɗɗi a 2022, kasuwa ta cika maƙil kowa na neman kayan sallah. Na tahi tsohuwar kasuwa karɓo wani bashi, na bar yarona a shago, yaro mai hankali wallahi mai ladabi, ban taɓa kama shi da ko sisi ba. Sai ga wani mutum da babbar riga ta sha aiki, ga ƙamshin turare, ga tazbaha a hannu, yac ce shi abokina na tun muna zuwa Illela sarin kaya, har sunan unguwarmu ya hwaɗi. Yaro yab ba shi kujera yak kunna mashi fanka. Yaz zaɓi shadda ta dubu ɗari ukku, ko ragi bai nema sosai ba, kuma a nan ya kamata mutum ya fara lura, don mai sayen gaskiya sai kun ja.

Yaf fiddo bandir ukku na 'yan dubu dubu, ka san ko wane bandir takarda ɗari ta, dubu ɗari kenan. Yaro yaƙ ƙirga na farko daidai, na biyu daidai, na ukku sai ya samu 98. Yac ce Alhaji dubu biyu babu. Mutumin ya yi salati, yac ce ma'aikatan bankin nan ba su tsoron Allah, kawo in gani, sai yat tattara duka ukkun ba wanda yag gaza kaɗai ba, yas sa su a cinya cikin rigar nan shina ta hwaɗa shina juya su, yal laluba aljihu yaz zaro dubu biyu yas soke cikin roba, yam miƙo bandir ukku yac ce to ga su nan sun cika ɗana, Allah ya yi maka albarka da ba ka cuce ni ba. Daidai nan ana kiran la'asar, ga mata biyu tsaye suna jiran a yanka musu yadi. Yaro yag ga ai yanzun nan yaƙ ƙirga su, kuma ga dattijo abokin maigida, ya ji nauyin ya sake warware su a gabanshi. Yaj jefa cikin durowa, har mota yak kai mashi kaya.

Da dare muna haɗa lissahi na warware roba. Bandir guda na gaskiya na. Biyun kuwa, 'yan dubu dubu guda biyar a sama biyar a ƙasa, ciki 'yan ɗari ɗari guda casa'in, don girman takardar ɗaya na, in an matse da roba ba ka ganewa daga gefe sai ka buɗa. Ko wane bandir dubu 19 maimakon dubu 100. Dubu 162 sunka tahi a yini guda, ana saura kwanaki sallah, ga masu kaya na Kano na jiran kuɗɗinsu. Mutumin nan ban san shi ba ban taɓa ganinshi ba, kuma dubu biyun nan da gangan yac cire su don kuɗɗin su samu hanyar komawa hannunshi. Ban yahe ba, mu haɗu gaban Allah.

To ka ga ladabi aka yi amfani da shi anka yanke mu. Shi ya sa a takardarka kada ka raba ladabi gefe kuɗɗi gefe, ka rubuta musu kalmomin da za su hwaɗi da bakinsu, don yaro ba rashin sanin ƙirga ka kashe shi ba, rashin abin cewa na. Ya ce: Alhaji a yi min haƙuri, dokar maigida ta, sai na sake ƙirgawa. Ya ɗora laihin a kan maigida, maigida ya ɗauka. Mutumin kirki ba ya hushi da wanga, shi ma a banki tsayawa shikai a ƙirga. Wanda yah hau hwaɗa shina cewa ni za ka mai da ɓarawo, ko shina ta gaggawa wai mota na jira, to nan za a ƙara natsuwa, a cire roba, a buɗe tsakiyar bandir, a ƙirga ɗaya bayan ɗaya ana ganin huskar ko wace takarda, ba a lanƙwasa a ƙirga kusurwa ba.

Na ƙananan ciniki ma haka. An ba ka dubu, ka hwaɗi da ƙarhi: dubu ɗaya kinka ba ni Hajiya, ka aje ta bisa tebur inda take gani, ka ƙirga mata canji a hannu, sannan ta shiga durowa. In ta riga ta shige cikin sauran, tac ce dubu ta ba ka kai ka ce ɗari biyar, ba ka da shaida. Kuma mutum guda a kan durowa, ba yara ukku kowa na tsoma hannu ba, in an samu giɓi ka rasa wa za ka tambaya.

Taransifa kuwa, tun wahalar kuɗɗin 2023 kowa ya koma can, ɓarayin ma sun koma. Hoton rasit a wayar kwastoma ba kuɗɗi ba na, saƙon alat ma ana ƙirƙira shi. Sai an buɗe asusun shago an ga kuɗɗin sun zauna sannan kaya su hita. In sabis ya tsaya a ba shi kujera da ruwan sanyi a yi ta ba shi haƙuri, amma kaya na nan. Na POS a karanta takardar, in ba APPROVED ta nuna ba ba a biya ba.

Lissahin dare ba sai na koya maka ba. Ka dai tabbata takardar ba ta wuce shahi guda ba, yaran ga ba su karanta abu mai tsawo, kuma ranar farko ka ɗaura bandir irin wancan da hannunka ka miƙa ma ko wanensu ka ga wa zai buɗe tsakiya.