Ɗumin 'yan tsaki da tukunyar gawayi

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Jibi za a kawo mini 'yan tsaki 50 'yan kwana ɗaya, ga sanyi ya shigo, ga unguwarmu ba wuta. Don Allah yaya zan yi musu ɗumi da abin da ke gida?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa a fara a sa'a. Ni da tukunyar ƙasa da gawayi nake rainon nawa, don haka ita zan ba ki.

Ki samo manyan kwalaye ki farke su, ki haɗa su da waya ki yi zagaye kamar bakin rijiya, tsayinsa ya kai gwiwarki, faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi. Kada ki bar masa kusurwa ko ɗaya. Tsako in ya ji sanyi ko ya tsorata lungu yake nufa, sauran su bi shi su hau kansa, na ƙasa ya mutu. A ƙasa ki zuba ɓuntun shinkafa busasshe, kaurin yatsu uku zuwa huɗu. Garin katako mai laushin nan ki bar shi, suna ɗaukarsa abinci ne su cika ciki da shi. Kwana ukun farko ki shimfiɗa tsohon zani a kan ɓuntun ki barbaɗa musu abinci a kai. Leda ko takarda mai santsi kuwa tana sa ƙafafunsu su tale, kuma wanda ya tale da wuya ya miƙe.

Tukunyar ki huda mata ƙananan ramuka a jiki, ki ɗora ta a kan bulo a tsakiyar zagayen, ki kewaye ta da ragar waya don kada su taɓa ta, kada kuma garwashi ya faɗa cikin ɓuntu. Gawayin a waje ake hura shi. Sai hayaƙi ya ƙare, ya yi jajir, sannan ki kwashe ki zuba a tukunya, ki yayyafa toka kaɗan a sama don ya daɗe yana ci. Ki fara wannan tun safiyar ranar da za su zo, su tarar da shimfiɗar ta yi ɗumi.

A nan na ci wuya, shi ya sa zan daɗe a kai. Karona na farko cikin hunturu ne, na toshe tagogi da buhu, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, wai kada iska ta shiga. Da asuba na buɗe, ni kaina sai da kaina ya sara, tsakina tara suna kwance ba ciwo a jikinsu. Ashe garwashi ko babu hayaƙi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta. Tun daga nan ƙasan tagar nake rufewa, sama in bar tafin hannu a buɗe. Kuma don Allah kada yaro ya kwana a ɗakin, abin da ke kashe tsako yana kashe mutum.

A makon farko ana son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35 daidai tsayin bayansu, a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk mako har gashi ya rufe su, wajen mako huɗu zuwa biyar. Amma ni ba ni da ma'auni, su nake kallo. In sun cure a jikin raga suna tsiyau-tsiyau da ƙarfi, ki ƙara garwashi. In sun gudu jikin kwali, baki a buɗe, fuka-fuki a sake, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta ɗaya gefen, ki nemo kafar. In kuwa sun bazu, wannan na ci, wancan na barci ya miƙe wuya kamar matacce, to ki je ki kwanta.

Sai dai ba kwanciyar kirki ba ce. Garwashin da kika zuba bayan isha'i ba zai kai ki asuba ba, kuma ƙarshen dare ne sanyi ya fi cizo. Ki saita ƙararrawar waya ƙarfe biyu, ki tashi ki sake. Maigidana har tsiya yake mini, wai na yi sabon jego.

Ruwa ki fara ba su kafin abinci, mai ɗan ɗumi da sukari kaɗan, ki tsoma bakin kowanne da hannunki. In faranti za ki sa, ki jera tsakuwa a ciki, don tsako in ya jiƙe a wannan sanyin da wuya ya kai safe. Ki rataye musu fitila mai caji su ga abinci da dare, kuma kullum da safe ki ɗaga kaɗan daga cikinsu ki duba ƙarƙashin wutsiya. In kashi ya daskare ya toshe wurin, ki jiƙa da ruwan ɗumi ki cire a hankali, sannan ki koma kan wutarki, galibi ita ce take hawa tana sauka.