Ƙwai, kifi da nama ga ɗan wata shida

"Ɗana ya cika wata shida, muna nan Jos, kunu kaɗai yake sha. Surukata ta ce ƙwai sai ya shekara. Yaushe zan fara ba shi ƙwai, kifi da nama?"

Maman yaro, tun yanzu za ki iya farawa, matuƙar yana zama da ɗan tallafi kuma wuyansa ya tsaya, domin a wannan watan ne sinadarin ƙarfen da aka haife shi da shi yake raguwa, nono da kunu kuwa ba sa cike wannan gurbi. Jinkirta ƙwai ba ya kare yaro daga borin jini.

Ki dafa ƙwan kamar minti 10 har gwaiduwar ta daskare, ki murje ɗan kaɗan da nononki, ki ba shi rabin ƙaramin cokali da safe, saboda ki samu yinin lura da shi. Idan kika ga ƙuraje sun taso ko ya yi amai, ki dakata ki nemi likita. Idan kuwa leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, asibiti za ki nufa nan take. Ki bar kwana uku kafin ki gwada kifi.

Tarwaɗa ta fi sauƙi, amma ki murje tsokar da yatsunki ki tsince ƙaya. Naman kuma a dafa shi ya yi lugub, a daka a cikin dankalin Turawa, ba gishiri ba magi.