Sabulun ƙamshi ne ke kawo ribar, ko sabulun wanki ke ciyar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan gidan sabulu a nan Garwa, muna yin na wanki da na ƙamshi. Kuɗin ɗawainiya, irin su wuta, haya, gyaran inji da albashin masu kula, nakan raba su ne a kan yawan sabulun da aka yi. Lissafi yana nuna mini na ƙamshi ne mai riba sosai, amma tun da na ƙara yin sa kuɗi ba su ƙaru a hannuna ba. Wani ya ce in gwada lissafin ABC, wai na raba ɗawainiya bisa ayyukan da suka cinye ta. Ina bambancin yake?

Wa alaikumus salam Hajiya. Na riƙe wa wani gidan sabulu littafi shekaru da dama, kuma yanayinsa kusan ɗaya da naki, don haka zan kawo lissafinsa na wata guda. Na daidaita alƙaluman don su yi sauƙin bi, sai ki sa naki a madadinsu.

A wata suna fitar da sabulun wanki guda 45,000, na ƙamshi kuma 5,000 kala biyar. Abin da ke shiga cikin sabulun kai tsaye, wato mai, soda, turare, leda da ladan masu zubawa da yankawa, sefa 180 ne a na wanki, 260 a na ƙamshi. Wannan ba shi da gardama, kowa yana iya auna shi. Ana sayar da na wanki 250, na ƙamshi 400. Kuɗin ɗawainiya na wata kuwa sefa 3,000,000.

Mai gidan sai ya raba 3,000,000 a kan sabulu 50,000, kowane ɗaya ya ɗauki 60. Na wanki ya tashi 240, riba 10. Na ƙamshi ya tashi 320, riba 80. Duk wanda ya ga wannan zai ce a ƙara na ƙamshi, shi ma haka ya yi ta yi, har yana tunanin rage na wanki don wasu suna kawo shi kasuwa a 235, shi kuma a ganinsa in ya sauko nan ya faɗi.

Rabon nan yana tsaye ne a kan zato ɗaya: cewa kowane sabulu da ya fito daga inji ya ci ɗawainiya daidai da ɗan uwansa. Ga wutar da ke juya inji, zaton bai yi nisa da gaskiya ba. Amma akwai kuɗaɗen da ba ruwansu da yawan sabulu, abin da suka sani shi ne sau nawa aka yi wani aiki. A nan ne lissafin yake karkacewa, kuma inda ya fi karkacewa shi ne canjin aiki.

Ki tsaya kusa da inji ranar da za a tashi daga mai ƙamshin lemo a koma mai ƙamshin wardi. Za a kashe inji, a kwance bakinsa, a kankare abin da ya manne a ciki, a wanke tukunyar haɗi da ruwan zafi, a canza hatimi. Idan aka tayar, sabulun farko yana fitowa da ratsin kala biyu, ba mai sayensa, sai a ware shi. Mutum uku sun yi kusan awa biyu ba su fitar da ko ɗaya na sayarwa ba. Da muka haɗa albashin wannan lokacin, da ruwa, da gazuwal, da sabulun da ya lalace, canji ɗaya ya kama sefa 25,000. Kuma 25,000 ɗin nan ba ta canzawa, ko sabulu 200 za a yi bayan canjin ko 9,000.

A watan an yi canji sau 30, kuɗinsa 750,000. Na wanki sau 5 kawai, don in an ɗora shi sai a yi kwanaki ana zuba abu ɗaya, 9,000 a kowane zubi. Na ƙamshi sau 25, don masu kanti suna aiko da oda kaɗan-kaɗan, 200 a kowane zubi. Ki raba 25,000 a kan 9,000, bai kai sefa 3 ba. Ki raba ta a kan 200, sefa 125 ne a kan kowane sabulu. Tsohon lissafi ya ɗora wa kowa 15 daga wannan kuɗin, wato na wanki ya biya 675,000 alhali 125,000 ya jawo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ABC ke yi ke nan, ba wani abu ɓoyayye ba ne. Ana kasa ɗawainiya bisa ayyukan da suka cinye ta, a nemo abin da ke sa kuɗin kowane aiki ya hau, a fitar da farashin yin sa sau ɗaya, sannan a ɗora wa kowane kaya gwargwadon sau nawa ya nemi aikin. Robin Cooper da Robert Kaplan na jami'ar Harvard su suka yaɗa hanyar a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da masana'antu suka ga injuna da yawan nau'in kaya sun sa ɗawainiya ta kumbura, ladan hannu kuma ya ragu, ma'aunin da aka gada ya daina faɗin gaskiya.

Sauran ayyukan zan bi su da sauri. Tafiyar inji, wato wuta, man janareta, gyara da tsufan ƙarfe, ta ci 1,200,000 a awa 400, kowace awa 3,000. Na wanki ya yi awa 340, ya ɗauki 1,020,000, na ƙamshi awa 60, ya ɗauki 180,000. Sayen kaya da karɓarsu ya ci 300,000 a oda 20, kowace 15,000. Man ja daga kudu yake zuwa da yawa, ta Ngawundare, shi da soda oda 6 suka isa, 90,000 ke nan. Turare, kala da kwalaye kuwa ana sayensu ɗan kaɗan daga hannu daban-daban, oda 14, kuɗinsu 210,000. Kai kaya da rubuta rasit da bin kuɗi ya ci 450,000 a tafiya 90, kowace 5,000. Dillalan na wanki tafiya 30 ta wadatar da su, 150,000, na ƙamshi tafiya 60 zuwa ƙananan kantuna, 300,000. Saura 300,000 na haya, mai gadi da manaja. Wannan babu wani aiki da za ki ce shi ya jawo shi, sai muka bar shi a kan yawan sabulu, 6 kowanne: 270,000 da 30,000.

In kin tara, na wanki ya ɗauki 1,655,000, kusan 37 a kowane ɗaya maimakon 60. Na ƙamshi ya ɗauki 1,345,000, wato 269 a kowane ɗaya maimakon 60. Don haka na wanki ya tashi 217, ribarsa 33. Na ƙamshi ya tashi 529 ana sayar da shi 400, faɗuwar 129. A wata, na wanki ya kawo 1,495,000, na ƙamshi ya cinye 645,000 daga ciki, aka tsira da 850,000. Ki duba tsohon lissafi: 450,000 da 400,000, shi ma 850,000 ɗin ne. In an sayar da duk abin da aka yi a watan, jimlar riba ba ta motsawa, wanda ya kawo ta ne kawai ya fito fili. Kuma masu sayarwa a 235 ba hauka suke yi ba, abu ɗaya suke zubawa, babu mai rataye a wuyansu.

Akantoci da yawa za su ce miki ki bar ƙidayar sabulu ki raba da awannin inji. Ya ɗan fi, amma ki gwada: 3,000,000 a kan awa 400, 7,500 ke nan, na ƙamshi ya ɗauki 450,000, wato 90 kowanne, ya tashi 350, har yanzu yana nuna ribar 50. Awannin inji da awannin ma'aikata duka suna hawa ne tare da yawan kaya, ba su ganin canjin aiki, ba su ganin tafiyar ɗan aike.

To amma kada ki ga 645,000 ki tashi gobe ki rufe na ƙamshi. Nan ne mutane suka fi yin ɓarna da ABC. Sabulun nan yana shigo da 140 kowanne bayan kayan haɗi, 700,000 a wata, kuma ranar da kika daina shi wannan kuɗin ya tafi nan take. Ita kuwa 1,345,000 ba duka za ta tafi ba: haya tana nan, direba yana nan, masu wanke inji suna nan da albashinsu. Sai kin zauna kin ware abin da zai daina fita daga aljihunki da gaske, in bai kai 700,000 ba, rufewar asara ce.

A wancan gidan ba a rufe ba, an rage canji ne. Aka sa kowace kala sau biyu a wata, 500 a zubi, canji ya sauko daga 25 zuwa 10, kuɗinsa a kan sabulu ɗaya daga 125 zuwa 50. A takarda an tsira da 375,000. A hannu kuwa 150,000 aka gani, don a cikin 25,000 ɗin, 10,000 ne ruwa, mai da sabulun da ke lalacewa, sauran 15,000 albashi ne, ba ya zama kuɗi sai an cika awannin da suka samu da wani aiki. Su sun cika su da na wanki, tun da kasuwarsa tana ɗauka. Kada kuma ki wuce gona da iri wajen tara kaya, zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana kashe ƙamshi a sito, ga kuɗinki a kwance. Bayan haka aka sa ƙa'ida cewa ba a kai kaya sai oda ta kai katan biyar, wanda ke son ƙasa da haka ya zo ya ɗauka, aka kuma ɗaga farashin kaloli biyun da suka fi jinkirin fita.

In kayanki biyu suna fita da yawa kusan ɗaya, zubinsu ɗaya, masu sayensu ɗaya, ko kuma ɗawainiyar ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada ta da kuɗin mai da soda, kada ki wahalar da kanki, hanyoyin biyu za su ba ki amsa kusa da juna. In ba haka ba, ki sayi littafin makaranta ɗaya ki ajiye kusa da inji, a riƙa rubuta kowane canji da lokacin da aka kashe da lokacin da sabulu mai kyau ya fara fita. Wani littafin ki ba direba, ya rubuta inda ya je da abin da ya kai. Kada ki tambayi ma'aikata da baki, kowa zai ce miki canji minti talatin ne. Ayyuka huɗu ko biyar sun isa, kuma ki tara na wata uku kafin ki yanke hukunci, don watan da wuta ta yi ta ɗaukewa kina kan janareta, ko watan sallah da odar na ƙamshi ke hauhawa, ba zai ba ki farashin awa na gaskiya ba. In kin haɗa su ki turo nan mu duba tare.