Yadda Ake Gane Ko An Tsare Sharhi, An Rufe Shi, Ko An Ɓoye Shi a Bidiyon YouTube

Tambaya: Na ɗora bidiyon haɗa dambun nama a tashata ta YouTube. Ƙanwata ta ce ta yi sharhi har sau biyu kuma tana ganinsa, amma ni ban ga komai ba. Ta yaya zan san ko tsare shi aka yi, ko an rufe sharhin, ko ɓoye shi aka yi?

Amsa: Tunda ƙanwarki ta samu wurin rubutawa, to ba a rufe sharhin bidiyon ba. Bidiyon da aka rufe wa sharhi ba ya ba kowa akwatin rubutu, sai dai a ga "Comments are turned off" a ƙarƙashinsa. Idan kuma dakatarwa aka yi, tsofaffin sharhuna suna nan amma ba a karɓar sabo.

Ganin da take yi wa sharhinta kuwa ba hujja ba ne. Wanda aka tsare wa sharhi ko aka ɓoye shi yakan ci gaba da ganin abinsa kamar lafiya lau, shi ya sa musu yake tashi. Don haka ki fara dubawa da idon baƙo: buɗe bidiyon a burauza ba tare da kin shiga asusunki ba, ki mayar da jerin sharhin daga Top zuwa Newest. Jerin Top ba ya nuna komai da komai, sau da yawa sharhin yana nan, bai dai samu fitowa ba ne. Idan ya bayyana a Newest, magana ta ƙare.

Idan bai bayyana ba, shiga studio.youtube.com, kuma a kwamfuta ya fi sauƙi. Danna Content, ki buɗe bidiyon dambun, ki zaɓi Comments a gefen hagu. Akwai ɓangare biyu, Published da Held. Kafin ki yanke hukunci a kan Published, duba sama ko akwai matata da aka saka, musamman wadda ke nuna sharhunan da ba ki amsa ba kaɗai. Cire ta. Sannan ki leƙa Held, inda ake ajiye waɗanda ke jiran amincewarki. In kin same shi a can, danna alamar amincewa, nan take zai fito ga kowa. Kada ki yi jinkiri, domin kwana 60 kawai ake ajiye su.

Me ke jefa sharhi cikin Held? Koma Details na bidiyon, danna Show more, ki sauka wajen saitin sharhi. Matakan tacewa huɗu ne: None, Basic, Strict da Hold all. In yana kan Hold all, ko "Allah ya ƙara basira" aka rubuta sai ya jira ki. Strict yana kama da yawa, har da marasa laifi. Ga tashar girki, Basic ya wadatar. Sauran masu tsarewa su ne Blocked words, wato kalmomin da kika hana da kanki, da kuma saitin da ke tsare sharhi mai ɗauke da adireshin intanet. Ki tambayi ƙanwarki ko ta liƙa adireshin wani shafi a ciki.

Mai wuyar ganewa shi ne ɓoyewa. In sharhin ba ya Published, ba ya Held, je Settings, ki buɗe sashen Community moderation, ki duba Hidden users. Duk wanda sunansa yake can, sharhinsa ba ya fitowa a kowane bidiyo na tashar, ke ma ba za ki gan shi ba, shi kuma ba a sanar da shi. Sau da yawa kuskuren yatsa ne, domin Hide user from channel yana cikin ɗigo ukun nan tare da Remove. Cire sunanta, danna Save, ki ce ta sake rubuta sabo. In sunanta ba ya can ma, mai yiwuwa YouTube ne da kansa ya cire sharhin a matsayin tarkace, musamman da yake ta turo magana ɗaya sau biyu. Ta gwada gajeren rubutu mara adireshi.

Ranar da kuma kika ga an rufe sharhi ba da saninki ba, fara duba Audience a cikin Details na bidiyon. Bidiyon da aka sa wa "Yes, it's made for kids" ba ya karɓar sharhi sam, kuma mutane kan zaɓe shi bisa zaton yana nufin bidiyon ba shi da batsa. Bidiyon da yake Private ma haka. In kuwa mutum ɗaya ne ba ya ganin sharhin kowa, ya duba ko Restricted Mode yana kunne a wayarsa, ya kashe shi.