Me ya sa lissafin lokacin tafiyata ba ya fita daidai?

Tambaya: Ina yawan yin tafiyar kilomita 480 a mota. Malejina kusan kullum yana kan 100, don haka a lissafina awa biyar ta ishe ni. Amma sai in ga na kwashe awa takwas da rabi a hanya. Ina sauran awa uku da rabin suke shiga, kuma yaya zan riƙa lissafi ya zo daidai?

Amsa: Malam, hanyar lissafinka ba ta da matsala. Nisa a raba da gudu, shi ke ba da lokaci: 480 a raba da 100 ya ba da 4.8. A kula, wannan .8 ɗin ba minti 8 ba ne, ba kuma minti 80 ba. Ana ninka shi da 60 ne, ya zama minti 48, wato awa 4 da minti 48. Inda aka samu tangarɗa shi ne lambar da ka yi rabon da ita. Ɗarin da kake gani a maleji gudun da motar ke yi ne a lokacin da hanya ta buɗe, kuma a lokacin ne direba ya fi kai ido wurin. Ba wanda ke duba maleji yana bayan tirela a kan tudu. Abin da lissafi ke nema shi ne matsakaicin gudu, wato dukkan nisan a raba da dukkan lokacin da aka ɓata, har da inda aka yi ta rarrafe.

Akwai wani abu da ke ruɗa har tsofaffin direbobi. A ce ka yi kilomita 100 a gudun 100, sannan ka yi wata 100 a gudun 50. Da yawa za su ce matsakaicin 75 ne. Ba haka ba ne. Ta farko ta ci awa ɗaya, ta biyu ta ci awa biyu, kilomita 200 ke nan a awa uku, wanda bai kai 67 ba. Wurin da ake tafiya a hankali ya fi rinjaye a lissafi, domin a can ake daɗewa. Shi ya sa ba a haɗa gudu da gudu a raba biyu. Lokacin kowane yanki ake fitarwa daban, sannan a tara.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka riƙa tunanin minti nawa kilomita ɗaya ke ci. Raba 60 da gudun. A gudun 60, kilomita ɗaya minti ɗaya ce. A 30 minti biyu, a 20 minti uku, a 10 minti shida. A 90 kuwa daƙiƙa 40 kacal.

To mu yanka hanyarka gida-gida. Lambobin nan na misali ne, sai ka sauya su da na hanyarka, amma za ka ga yadda abin yake. Fita daga gari, kilomita 15 cikin danja da cunkoso, a gudun 25: minti 36. Buɗaɗɗiyar hanya kilomita 390. A nan ko da allura na taɓa 100, kada ka rubuta 100, domin akwai kwana, akwai jiran damar wuce babbar mota, ga shi malejin yawancin motoci yana ɗan ɗara ainihin gudun. Rubuta 90, ya ba ka awa 4 da minti 20. Garuruwan da hanya ta ratsa, in an haɗa su, kilomita 40 a gudun 40: awa ɗaya cur. Inda ake gyaran titi ko ramuka suka yi yawa, kilomita 15 a gudun 20: minti 45. Shiga garin da za ka, kilomita 20 a gudun 30: minti 40. Jimla minti 441, wato awa 7 da minti 21, kuma har yanzu ba ka kashe mota ko sau ɗaya ba.

Dubi abin da ya faru. Kilomita 90 ɗin nan na tafiyar hawainiya ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na hanyar ba, amma sun lashe awa uku. Nan mafi yawan lokacin da ka rasa ya shige.

Sai tsayawa. Ita ba a cusa ta cikin gudu, a gefe ake tara ta. Shawarar da aka saba bai wa direba ita ce ya huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu ta tuƙi, don haka tuƙin awa bakwai da wani abu yana buƙatar tsayawa uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga lokacin daga sauka zuwa hawa. Ainihin tsayawa tana farawa ne daga sanda ka ɗaga ƙafa daga totur, ba ta ƙarewa sai ka dawo kan gudunka. Shan mai da ake kira na minti biyar, in an haɗa layi da biyan kuɗi da jiran wanda ya zagaya, da wuya ya gaza kwata. In da yara ko dattawa a motar, ƙara. Mu sa gajerun tsayawa biyu na minti 15, da ɗaya ta cin abinci mai minti 40: minti 70. Haɗa da 441, ka sami 511, awa 8 da minti 31. Matsakaicin gudunka daga ƙofa zuwa ƙofa kusan 56 ne, ba 100 ba.

Gosulon da ba a zata ba kuma ga yadda ake auna ɓarnarsa: lokacin da ya ci, a cire lokacin da wurin zai ci da hanya a sake take. Kilomita 5 a gudun 10 minti 30 ne, a gudun 90 kuwa minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Asarar kusan minti 27 ce. Yanzu a ce kana son fanshe ta da taka mota. In ka ɗaga matsakaicinka daga 90 zuwa 100 a duk kilomita 390 ɗin nan, minti 26 kawai za ka samu, bayan ƙarin mai da ƙarin haɗari. A ganina wannan ciniki ne na faɗuwa. Wanda ya sauya lokacin tashi har ya ratsa garuruwan farko da na ƙarshe a gudun 50, ya rage minti 34 ba tare da ya ƙure komai ba.

Saboda irin wannan gosulo, da ruwan sama, da shingen bincike, ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan lokacin tuƙi in akwai alƙawarin da ba ka so ka saɓa. A misalinmu minti 45 ne zuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Tafiyar dare ko ta damina, ɗauki na saman. In kuma da manhajar taswira ta waya kake duba lokaci, ka sani lokacin tuƙi zalla take nunawa, hutunka kai za ka ɗora.

Abin da zai fi gyara maka lissafi shi ne ka auna hanyar da kanka. Kafin ka tashi, mayar da ƙaramin ma'aunin kilomita na dashbod zuwa sifili, ka rubuta lokaci. Duk inda yanayin hanya ya sauya, wanda ke gefenka ya rubuta kilomita da agogo. Bayan tafiya biyu ko uku za ka san gudun kowane yanki na gaskiya. Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ka ɗauki matsakaicin awa biyun farko ka yanke hukunci da shi kan sauran hanya. In gyaran titi da shiga gari suna gaba, lissafin zai nuna maka isa da wuri fiye da yadda za ka isa.