Zoom bai yi kuskure ba, agogon London ne ya ja baya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da karatu ta Zoom duk Asabar ƙarfe 8 na dare, ɗalibai daga Kano, London, Accra da New York. Ƙanena da ke London ne ya tsara mana taron tun watan Yuni. Daga farkon Nuwamban 2025 sai wayata ta koma nuna ƙarfe 9, shi kuma ya rantse bai taɓa komai ba. Shin kutse aka yi mana? — Wata malama daga Kano

Wa alaikumus salam Malama. Ki daina zargin ƙanen naki, gaskiya ya faɗa, kuma babu ɗan kutsen da zai sha wahalar shiga asusunki don kawai ya ƙara wa karatu awa ɗaya. Wannan matsala tana zuwa mini duk ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba kamar zazzaɓin damina, don haka yau zan tsaya a kanta sosai.

Agogon Najeriya ba ya motsi. Awa ɗaya yake gaba da ma'aunin duniya da ake kira UTC, rani da damina, haka ma Nijar da Kamaru da Chadi. Ghana tana kan UTC daidai, ita ma ba ta canjawa. Birtaniya kuwa agogo biyu gare ta a shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai ya zo daidai da namu. Ragowar watannin sanyi su mayar da shi baya, mu riga su da awa guda.

A watan Yuni da ƙanenki ya buɗe taron, ƙarfe 8 a London ita ce ƙarfe 8 a Kano, shi ya sa babu wanda ya lura da komai. Amma duk taron da ake maimaitawa, manhaja tana ɗaure shi ne da agogon gari ɗaya, wanda aka zaɓa ranar da aka ƙirƙire shi. Kwamfutarsa tana London, don haka abin da Zoom ya rubuta a cikinsa shi ne "ƙarfe 8 na dare agogon London". Ranar 26 ga Oktoba 2025 Birtaniya ta mayar da agogo baya. Zoom ya riƙe alkawarin da aka ba shi, ya bar taron a ƙarfe 8 ta London, wadda yanzu ta zama ƙarfe 9 a Kano, ta kuma tashi daga 7 zuwa 8 a Accra.

Ki tambayi ɗalibarki ta New York, za ta ba ki labarin da ya fi wannan ruɗani. Amurka ba rana ɗaya take canja agogo da Turai ba: tana tura nata gaba Lahadi ta biyu a Maris, ta mayar da shi baya Lahadin farko a Nuwamba. Ɗalibar ta saba shiga karatu ƙarfe 3 na yamma. Ranar Asabar 1 ga Nuwamba sai ya koma mata ƙarfe 4, domin London ta canja, su ba su canja ba tukuna. Washegari Amurka ta ja nata agogon baya, Asabar ta gaba karatu ya dawo mata ƙarfe 3. A Maris tazarar ta fi haka tsawo. A 2026, misali, Amurka 8 ga Maris ce, Birtaniya kuwa sai 29 ga wata, makonni uku cur ke nan da lissafin da kowa ya haddace ba ya aiki.

Gyaran ba wuya. Wanda ke da asusun ya buɗe taron ya zaɓi gyara dukkan jerin, ba na mako ɗaya ba. A wurin da aka rubuta Time Zone ya zaɓi `West Central Africa`, ya tabbatar lokacin yana kan 8 na dare, ya adana. Idan kuna da shi a Google Calendar, can ma akwai Time zone kusa da inda ake sa lokaci, sai a nemi Lagos. Bayan haka a sake tura gayyata, domin wanda ya kwafi tsohon lokaci da hannu cikin kalandarsa ba zai ga canjin ba.

Sai dai ki sani, gyaran bai kawar da motsin ba, ya dai mayar da shi kan wasu. In kika ɗaure taron da agogon Kano, ke da mutanen Accra kun huta har abada, amma 'yan London za su riƙa shiga ƙarfe 8 a bazararsu, ƙarfe 7 a hunturu, ta New York kuma 3 da 2. Dole wani ya motsa. Ra'ayina, a ɗaure da agogon da ba ya canjawa, musamman in malami da mafi yawan ɗalibai suna can. Waɗanda ke Turai da Amurka sun san ranar da agogonsu ke juyawa, ana shelanta musu a rediyo da talabijin, wayoyinsu ma da kansu suke gyarawa. Mutumin Kano ko Zinder babu abin da zai tuna masa cewa wani abu ya faru a London daren jiya.

Tunda na samu dama, bari in yi ƙorafin da ya daɗe yana ci mini rai. Don Allah a daina rubuta "bayan sallar Isha" a sanarwar taron da ya haɗa ƙasashe. Isha ta wa? A Kano lokacinta ba ya yin nisa da inda aka saba duk shekara. A London kuwa rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a Disamba, a Yuni kuma sai bayan ƙarfe 9 na dare. Karatunki na ƙarfe 8 a Yuni, in ya kai awa ɗaya da rabi, magariba za ta riski 'yan London suna cikinsa, alhali ku kun yi Isha tuni. Wannan abu ne da ya kamata ki duba kafin ki tsayar da lokaci, ko ki ware musu minti goma na salla a tsakiya.

Ga yadda nake so in ga sanarwa, kuma haka nake rubuta tawa: rana da kwanan wata, lokaci a tsarin awa 24, sunan garin da aka ɗaure taron da shi, sannan kowane gari da nasa lokacin. Misali, Asabar 6 ga Disamba, 20:00 agogon Kano, Accra 19:00, London 19:00, New York 14:00. Layi ɗaya ne, ba ya cin data. Sannan a haɗa da gayyatar kalanda, wadda wayar kowa za ta fassara masa zuwa agogon garinsu. Hoton fosta da ake yaɗawa a WhatsApp ba ya fassara wa kowa komai.

Tambaya: Wata ƙungiya a Birmingham ta sa lacca a watan Yuli, a fosta an rubuta "7pm GMT". Na shiga ƙarfe 7 daidai na tarar ana addu'ar rufewa. Ba mu ne ke kan GMT ba? — Wani ɗan kasuwa daga Kumasi

Alhaji, kai ne da gaskiya, mai fostar ne ya yi kuskure. Mutane da yawa, har da mazauna Birtaniya, sun ɗauka GMT na nufin "agogon London". A hunturu ne kawai hakan yake. A Yuli Birtaniya tana kan BST, awa ɗaya gaba da GMT, don haka ƙarfe 7 ɗinsu ƙarfe 6 ce a Kumasi. Ku a Ghana kun fi Turawan riƙe GMT, tunda kuna kansa wata goma sha biyu. Nan gaba in ka ga waɗannan haruffa uku daga Birtaniya tsakanin Afrilu da Oktoba, kada ka yarda da su, ka tambaya kai tsaye: ƙarfe nawa ke nan a Accra? Haka 'yan Amurka ke yi da EST, agogon New York na hunturu, suna rubuta shi a bazara alhali suna kan EDT, wato na bazara.

Tambaya: Kwamfutar ofis ɗinmu agogonta ya yi gaba da awa ɗaya tun ƙarshen Maris. Na gyara da hannu, amma yanzu duk taron da aka gayyace ni a Outlook lokacinsa ba daidai ba ne. — Wani ma'aikaci daga Yamai

Ɗan'uwa, wanda ya saita muku kwamfutar ya ga +01:00 na farko a jeri ya danna ya tafi shan shayi. Kusan tabbas an zaɓi wannan:

```
(UTC+01:00) Amsterdam, Berlin, Bern, Rome, Stockholm, Vienna
```

Waɗannan biranen suna ƙara awa a bazara, kwamfutarka ta bi su. Abin da ya dace da Yamai shi ne:

```
(UTC+01:00) West Central Africa
```

Gyaran hannun da ka yi ya ƙara dagula lamarin. Agogon da kake gani a kusurwa ya yi daidai, amma a can ciki kwamfutar tana lissafa UTC da kuskuren awa ɗaya, kuma da UTC ake auna kowace gayyata. Shiga Settings, Time & language, Date & time, ka canja yankin, ka kunna Set time automatically, sannan ka cire hannunka daga agogon. Waya ma haka take, masu dawowa daga Umara su juya agogo da hannu su bar yankin a Riyadh, ku ma da ku nake.

Tambaya: An ce taron iyalinmu Asabar ne ƙarfe 8 na dare agogon Najeriya. Na tashi ƙarfe 3 na daren Juma'a wayewar Asabar, ban ga kowa ba. — Wani ɗalibi daga Kuala Lumpur

Lissafin awanninka daidai ne, Malaysiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, 8 da 7 kuwa sun kai ka ƙarfe 3. Ranar ce ka manta ka tura gaba. Ka ƙetare sha biyun dare, don haka taronka 03:00 ne na asubahin Lahadi, ka zo da kwana guda kafin lokaci. Ka roƙi iyayenka su mayar da shi ƙarfe 2 na rana agogon gida, wato ƙarfe 9 na dare a wurinka, ƙarfe 4 na yamma ga wanda ke Jidda, ƙarfe 3 ga na Khartoum. Idan akwai ɗan'uwa a New York, zai same shi ƙarfe 9 na safe a bazara, ƙarfe 8 a hunturu.