Me ya sa makamashin ayonaizeshan ke sauka a Al da S, kuma yaya ake rubuta amsar?

Tambaya: "Assalamu alaikum. An koya mana cewa makamashin ayonaizeshan na farko yana ƙaruwa daga hagu zuwa dama a firiyod, amma ga Al ya gaza Mg, S kuma ya gaza P. Na rubuta cewa Mg da P sun fi samun daidaito, aka ba ni maki 1 cikin 4. Don Allah me ake so in rubuta?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka rubuta ba ƙarya ba ne, sai dai bai gaya wa mai duba takarda komai a kan Al da S ba, alhali su ne ƙimarsu ta faɗi. Na daɗe ina koyar da wannan darasi ina kuma duba takardun ɗalibai, kuma kusan duk wanda ya rasa maki a nan abu ɗaya ya tsallake: bai faɗi wane ilektaron ake cirewa ba, da inda yake zaune. Duk amsar a kan wannan ilektaron ɗin take.

Ka fara riƙe abin da ake aunawa, wato makamashin da ake bukata a ciro ilektaron ɗaya daga kowane atom a cikin mol ɗaya na atom masu yanayin gas: X(g) → X⁺(g) + e⁻. A firiyod na 3, daga Na mai 496 kJ/mol zuwa Ar mai 1521, ƙimar tana hawa ne domin furoton suna ƙaruwa ɗaya-ɗaya, sababbin ilektaron kuma suna shiga shel ɗaya, na uku, don haka kariyar da ilektaron na ciki ke yi kusan ba ta canjawa. Jan niyukiliyas ya ƙaru, atom ya ƙanƙance, ciro ilektaron ya ƙara wuya. To duk inda ka ga ƙimar ta sauka, akwai wani abu da ya rinjayi ƙarin furoton ɗin. Aikinka shi ne ka ambaci wannan abu da sunansa.

Ɗauki Mg da Al. Kafin ka rubuta ko jimla ɗaya, jera tsarin ilektaron ɗinsu, domin sau da yawa shi kansa maki ne:

Mg: 1s² 2s² 2p⁶ 3s²
Al: 1s² 2s² 2p⁶ 3s² 3p¹

Mg yana da 738 kJ/mol, Al kuma 578, duk da cewa Al yana da furoton 13, Mg 12. A Mg daga 3s ake ciro ilektaron, a Al daga 3p. Sabshel 3p ya fi 3s matakin makamashi, kuma ilektaron biyun nan na 3s suna ɗan tare shi daga jan niyukiliyas. Tun asali a sama yake zaune, saboda haka ba a bukatar makamashi mai yawa a fitar da shi. Da ni ne a zauren jarrabawa, ga yadda zan rubuta:

"Ko da yake Al ya fi Mg cajin niyukiliyas, ilektaron da ake cirewa daga Al yana 3p, na Mg kuma yana 3s. 3p ya fi 3s matakin makamashi, kuma ilektaron na 3s suna kare shi daga niyukiliyas. Don haka jan da ake yi masa ya fi rauni, makamashin cire shi ya fi ƙanƙanta."

Jimla uku ke nan, kowace da nata aikin. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗalibin da ya fahimci batun sarai, sai ya rubuta cewa ilektaron na Al yana cikin "sabon shel". A'a, Mg da Al duka shel uku gare su. Sabshel ne ya canja. Mai duba takarda yana ganin "sabon shel" zai soke layin, domin wannan bayanin saukar da ake samu daga Ne zuwa Na ne, daga 2081 zuwa 496, faɗuwar da ta ninka ta Al nesa ba kusa ba.

Batun P da S ya fi kama mutane, domin dalilinsa daban ne gaba ɗaya, amma sai ka ga an kwafo amsar farko an manna. P yana ƙarewa da 3s² 3p³, S da 3s² 3p⁴. Dukansu daga 3p ake ciro ilektaron, ke nan maganar bambancin sabshel ba ta taso ba. A nan zane yake taimakawa: ka zana akwati uku na obital ɗin 3p. A P kowane akwati yana da kibiya ɗaya, ↑ ↑ ↑. A S ilektaron na huɗu bai sami akwatin da babu kowa ba, dole ya shiga wanda ke da wani, ↑↓ ↑ ↑. Su biyun cajinsu iri ɗaya ne, ga su a obital ɗaya, sai suna ture juna. Wannan turawa ce ke sauƙaƙa ciro ɗaya daga cikinsu, har S ya tsaya a 1000 kJ/mol, P kuma 1012. Lura da cewa tazarar 12 ce kawai, yayin da ta Mg da Al ta kai 160. Idan aka ce ka zana jadawalin hawa da sauka, kada ka yi ramukan biyu zurfi ɗaya.

Kada ka tsaya a "ilektaron suna ture juna" kawai. Ai a kowane atom mai ilektaron fiye da ɗaya suna ture juna. Abin da ake nema shi ne: biyu ne, a obital ɗaya na 3p. Wannan gutsuren ne ke ɗauke da makin.

Batun daidaiton da ka kawo kuwa, ba zan ce ka jefar da shi ba. Littattafai da dama suna koyar da cewa sabshel da ya cika, ko ya cika rabi, ya fi samun daidaito, kuma akwai hukumomin jarrabawa da ke karɓar hakan. Akwai kuma waɗanda ba sa ba shi maki idan ya zo shi kaɗai. A ganina yana bayyana yadda abin yake ne, bai kawo sanadinsa ba. Ka nemi jagorar ba da maki ta shekarun baya ta hukumar da za ka zauna wa jarrabawa ka ga lafazinsu. Idan za ka sa shi, ka sa shi a ƙarshe a matsayin ƙari, bayan ka gama maganar 3p da ta turawa.

Wani ɗalibi mai kaifin basira zai ce, to Cl ma ai yana da ilektaron bibbiyu a obital, me ya sa ya hau zuwa 1251? Domin daga S zuwa Cl babu sabon abin da ya shigo. A duka biyun daga obital mai ilektaron biyu ake cirewa, sai ƙarin furoton ya ci gaba da aikinsa. Saukar tana zuwa ne a daidai wurin da aka fara sabon sabshel, ko aka fara haɗa biyu a obital ɗaya. Firiyod na 2 ma haka yake, lambar shel kawai za ka canja: B mai 801 ya gaza Be saboda 2p, O mai 1314 ya gaza N mai 1402 saboda biyun da ke obital ɗaya.

Ga yadda za ka gwada ko ka fahimta ko hadda ka yi. A ce an tambaye ka makamashin ayonaizeshan na biyu, wanne ya fi tsakanin Al da Si? Wanda ya haddace cewa "Al ne ke sauka" zai faɗi. Kai kuma ka rubuta tsarin ayon ɗin, tunda daga gare su ake cirewa yanzu: Al⁺ yana ƙarewa da 3s², Si⁺ da 3s² 3p¹. Ilektaron na 3p ya koma wurin Si⁺, don haka saukar ta matsa gaba da taki ɗaya: Al yana da 1817 kJ/mol, Si kuma 1577. Ka gwada hakan da B⁺ da C⁺, ka turo abin da ka rubuta a nan in duba maka lafazin.